Yadda ake tsara amsar jarrabawa a kan matsalar sharri da manyan tiyodisi

Ɗalibanmu da ke fitowa daga ƙauyukan Jigawa da Kano suna shiga jami'a ko kwalejin ilimi da karatun tauhidi a kansu, wanda suka samu tun a zaure. Wannan karatu yana taimakonsu a darasin falsafar addini, amma a tambayar matsalar sharri yakan ja su su rasa maki. Da zarar ɗalibi ya ga an tambaya me ya sa ake wahala a duniya alhali Allah mai iko ne mai jinƙai, sai ya ɗauka imaninsa ake tuhuma, ya cika shafi uku da wa'azi. Wani kuma ya juye duk abin da ya haddace, suna bayan suna, ba tare da ya auna ko ɗaya ba. Duka biyun sukan tashi da maki kaɗan, domin abin da mai duba takarda yake nema shi ne ka nuna masa hujjar da aka kafa, ka nuna amsar da aka ba ta, sannan ka faɗi ko amsar ta riƙe ko ta saki, da dalilinka.

Za mu yi aiki da tambaya guda: “Bayyana matsalar sharri, sannan ka auna yadda tiyodisin Augustine da na Irenaeus suka amsa ta.” A ce awa 2 aka ba ka, tambaya 3 za ka amsa, wato kowace tana da minti 40. Ko da Turanci za ka rubuta, tsarin ɗaya ne.

Minti biyar na farko

Kada ka fara rubutu nan take. Ja layi ƙarƙashin kalmomin umarni. A tambayarmu biyu ne, “bayyana” da “auna”, kuma yawanci a wajen aunawa maki ya fi nauyi. Sai ka juya bayan takardar amsa ka yi ɗan zane gajere: siffar matsalar, misalin da za ka riƙe, Augustine da sukar da aka yi masa, Irenaeus da sukar da aka yi masa, hukuncinka. Ka yanke hukuncin tun a nan, kafin alƙalami ya taɓa shafin farko. Wanda bai san inda zai sauka ba, rubutunsa yakan nuna hakan tun daga sakin layi na biyu.

Raba sauran lokacin haka: minti 8 ga bayanin matsalar, minti 10 ga kowane tiyodisi, minti 4 ga kammalawa, minti 3 ga sake karantawa.

Kafa matsalar, kuma ka raba ta biyu

Gabatarwa ba ta buƙatar tarihin duniya. Jimla uku ko huɗu sun isa. Ka ce matsalar ta taso ne daga magana uku da mai imani yake riƙe da su lokaci guda: Allah mai iko ne a kan komai, Allah mai cikakken alheri ne, kuma akwai sharri a duniya. Ana danganta tsohuwar siffar tambayar ga Epicurus na Girka, David Hume kuma ya sake tayar da ita a littafinsa da aka buga a 1779, bayan rasuwarsa. Ka ƙara da cewa tiyodisi shi ne ƙoƙarin bayyana dalilin da ya sa Allah ya bar sharri, kuma Leibniz ne ya ƙirƙiro sunan a littafinsa na 1710. Sai ka faɗi matsayinka a jimla ɗaya.

Daga nan sai wurin da nake ganin ya fi kowanne raba amsa mai kyau da matsakaiciya. Matsalar sharri ba ɗaya ba ce, biyu ce, kuma amsar da ta kashe ɗaya ba lallai ta taɓa ɗayar ba.

Ta farko ita ce ta manɗiƙi. J. L. Mackie ya kafa ta a maƙalarsa ta 1955. Da'awarsa ita ce maganganun nan uku suna cin karo da juna, ba za su taɓa zama gaskiya gaba ɗaya ba. Amma ka lura, shi kansa ya yarda cewa karon ba ya fitowa fili sai an ƙara sharaɗi biyu: cewa mai alheri yana kawar da sharri iyakar iyawarsa, da cewa babu iyaka ga abin da mai cikakken iko zai iya. Rubuta waɗannan sharuɗɗa biyu a amsarka. Dalili kuwa shi ne kowane tiyodisi da za ka kawo daga baya ɗayansu yake kai wa hari. Idan ba ka ajiye su a gaba ba, mai karatu ba zai ga abin da Augustine ko Irenaeus yake ƙoƙarin rushewa ba.

Ta biyu ita ce ta rinjayen zato. William Rowe ya kafa ta a 1979. Shi bai ce akwai karo ba. Cewa ya yi akwai wahalar da, iya ganinmu, ba ta haifar da wani alheri da ya fi ta, kuma yawan irin wannan wahala yana sa zaton samuwar Allah mai iko mai jinƙai ya yi rauni. Misalinsa ɗan barewa ne da gobarar daji ta ƙone, ya yi kwanaki yana shan azaba kafin ya mutu, babu wanda ya gani, babu wanda ya ɗauki darasi. Don a karya hujjar Mackie, ya isa a nuna cewa mai yiwuwa ne Allah yana da dalili. Don a amsa Rowe kuwa, sai an yi magana a kan yawan wahalar da yadda ta rabu tsakanin halittu, wanda ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Ka rufe wannan sashe da rabon sharri gida biyu: wanda mutum ya aikata da zaɓinsa, kamar kisa, zalunci da cin amana, da wanda ya faɗo ba da hannun mutum ba, kamar fari, annoba da girgizar ƙasa.

Riƙe misali ɗaya har ƙarshe

Ɗalibai da yawa sukan watsa misalai, yaƙi a nan, cuta a can, yunwa a gaba. Ya fi amfani ka ɗauki ɗaya ka gwada kowane tiyodisi a kansa, kamar yadda ake auna hatsin mutum biyu da tiya ɗaya idan ana son a san wanda ya fi yawa. Littattafai sukan kawo girgizar ƙasar Lisbon ta 1755, kuma babu laifi ka ambace ta. Amma kana da misalin da ka fi kowa sani. Ambaliyar 2022 ta ci gonaki da gidaje a sassa da yawa na Jigawa, musamman garuruwan da ke bin kogin Haɗeja. Ka ce: a wani ƙauye ruwa ya shanye shinkafar manomi ana dab da girbi, katangar ƙasa kuma ta jiƙe ta faɗa wa jaririn da ke barci.

Misalin yana da amfani ta fuska biyu. Manomin babba ne, ya rayu, zai iya yin haƙuri ko ya butulce. Jaririn bai zaɓi komai ba, bai kuma rayu ya koyi komai ba. Sannan ambaliya tana nuna cewa rabon sharri gida biyu ba ya fita tas: ruwan sama ba aikin mutum ba ne, amma toshewar hanyar ruwa, gini a kan magudana da sakaci wajen gyara suna da hannun mutum. Jimla ɗaya a kan wannan tana nuna wa mai dubawa cewa tunani kake yi, ba hadda ba.

Sashen Augustine

Kowane tiyodisi ka bi da shi ta mataki huɗu a jere: me ya ce, wane sharaɗi yake kai wa hari, me ya faru da aka gwada shi a kan misalinka, kuma wace amsa mai kare shi zai bayar.

Augustine, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430 kuma ya yi limancin coci a Hippo, cikin ƙasar Aljeriya ta yau, ya ce Allah ya halicci komai da kyau. Sharri a wurinsa ba wani abu ne da aka halitta ba, rashin alherin da ya kamata a samu ne, yadda makanta take rashin gani. Ta ina rashin ya shigo? Ta hanyar 'yancin zaɓi: wasu mala'iku, a aƙidarsa, da kuma Adamu sun juya wa Allah baya, tsarin halitta ya gurɓace, wahala ta biyo baya. Don haka duk sharri ko dai zunubi ne ko sakamakon zunubi, kuma dukan 'yan Adam sun yi tarayya a laifin ubansu.

A nan ɗalibi Musulmi yana buƙatar kamewa. Musulunci bai yarda da gadon zunubi ba, Alƙur'ani ya ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani, haka kuma bai ce mala'iku suna saɓo ba. Amma a wannan mataki aikinka shi ne ka faɗi abin da Augustine ya ce daidai yadda ya faɗa. Kada ka gyara masa magana ta dace da taka, kuma kada ka yi masa raddi kafin ka gama bayaninsa. Raddin yana da wurinsa, a mataki na uku, kuma a can ma da hujja za ka zo.

Ga yadda sakin layin aunawa zai iya kasancewa:

“Bayanin Augustine ya fi ƙarfi a kan sharrin da mutum ya aikata. Idan wani ya toshe magudana don son kai, laifin nasa ne, kuma Allah bai halicci sakacinsa ba. Amma a kan jaririn da katanga ta danne, bayanin ya dogara ne kacokan ga cewa jaririn ya yi tarayya a laifin Adamu, wanda ke da wuyar daidaitawa da adalci. Kiran mutuwarsa rashin alheri bai rage wa mahaifiyarsa raɗaɗi ba, bai kuma bayyana dalilin da ya sa mai iko bai cike rashin ba. Schleiermacher, masanin tauhidin Kirista ɗan Jamus, ya ƙara da cewa idan halitta cikakkiya ce tun farko, ba a ga yadda za ta lalace da kanta ba. Mai kare Augustine zai ce 'yanci na gaskiya dole ya ƙunshi yiwuwar saɓo, kuma wannan amsa ce mai ƙarfi ga Schleiermacher, sai dai ba ta taɓa batun jaririn ba.”

Duba abin da sakin layin ya yi. Ya ba Augustine haƙƙinsa, ya nuna inda ya gaza, ya bar shi ya kare kansa, sannan ya faɗi abin da ya rage ba a amsa ba. Idan da sauran lokaci, ka ƙara sukar da ta fito daga kimiyya, cewa dabbobi sun sha ciwo da mutuwa tun kafin mutum ya bayyana a doron ƙasa, don haka da wuya a ce saɓon mutum ne ya jawo su.

Nan ne kuma wurin Alvin Plantinga, a jimla uku ko huɗu, ba fiye ba, tunda tambayar ba ta ambace shi ba. Mackie ya tambaya: me ya hana Allah ya halicci mutane masu 'yanci waɗanda kullum alheri suke zaɓa? Plantinga, a 1974, ya amsa cewa idan Allah ne ya tabbatar da abin da za su zaɓa, to zaɓin ba nasu ba ne, kuma mai yiwuwa ne duk wani mai 'yanci da za a halitta sai ya saɓa ko sau ɗaya. Ka bayyana cewa Plantinga kariya ya kira aikinsa, ba tiyodisi ba: bai ce ga ainihin dalilin Allah ba, ya ce ga dalilin da zai yiwu. Wannan ya isa a kan Mackie, kuma masana da yawa suna ganin ya isa. Bai isa a kan Rowe ba. Ɗalibin da ya rubuta cewa Plantinga ya warware matsalar sharri gaba ɗaya ya nuna bai raba matsalar biyu ba.

Sashen Irenaeus

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne haɗa mutum biyu a riga ɗaya. Irenaeus limamin coci ne a Lyon a ƙarni na 2, kuma abin da ya bari tushe ne kawai: an halicci mutum bai kammala ba, kamar yaro, zai girma zuwa kamala. Wanda ya gina cikakken tiyodisi a kan wannan tushe shi ne John Hick, a littafinsa na 1966. Ka faɗi haka a fili, kana iya samun maki a kan wannan bambancin kaɗai.

Hick ya ce duniya ba a yi ta don jin daɗi ba, an yi ta don gina hali. Haƙuri, jarunta da tausayi ba sa samuwa inda babu haɗari da rashi, kuma halin da mutum ya samu da gumin kansa ya fi wanda aka zuba masa daraja. Ya ƙara sharuɗɗa biyu da ɗalibai ke yawan mantawa. Na farko, dole Allah ya kasance a ɓoye daga ganin mutum ta fuskar sani, domin da yana bayyane ƙarara da babu wanda zai iya zaɓar bin sa da kansa. Na biyu, aikin ba ya ƙarewa a duniya, yana ci gaba bayan mutuwa har kowa ya kai ga kamala. Bambancinsa da Augustine a taƙaice shi ne, Augustine ya sa kamala a baya, mutum ya faɗo daga gare ta, Hick kuma ya sa ta a gaba, mutum yana hawa zuwa gare ta.

Yanzu gwada shi a kan ambaliya. A kan manomin yana aiki sosai: mutumin da ya rasa shinkafarsa, maƙwabta suka tara masa hatsi, ya sake shuka a rani, labarinsa ya dace da abin da Hick yake nufi. Hick ma ya fi Augustine bayanin ruwan kansa, domin a wurinsa duniyar da ke bin ƙa'ida, inda ruwa yake shayarwa kuma yake cinyewa, ita ce duniyar da mutum zai iya koyon ɗaukar nauyi a cikinta. Amma jaririn fa? Halinsa bai ginu ba. Idan aka ce mutuwarsa ta gina halin iyayensa, an mai da shi kayan aikin gyaran wasu, kuma irin wannan lissafi ne D. Z. Phillips ya ƙi, yana ganin bai dace da ƙauna ba. Akwai kuma waɗanda wahala ba ta gyara su, karya su take yi. Amsar Hick ita ce da wahala tana zuwa daidai gwargwadon laifi ko buƙatar kowa, da babu mai tausaya wa kowa, domin kowa zai ce abin da ya cancanta ne ya same shi. Amsa ce mai zurfi, ka ba ta sarari. Sannan ka nuna farashinta: dukan tsarin ya rataya a kan rayuwa bayan mutuwa da tsirar kowa, na farkon mai suka bai yarda da shi ba, na biyun kuma yawancin Kiristoci da Musulmi ba su yarda da shi ba.

Inda karatun zaure yake shiga

Ban ce ka bar iliminka na addini a ƙofar ɗakin jarrabawa ba. Cewa nake ka shigo da shi a matsayin hujja mai suna da asali, a sakin layi ɗaya kafin kammalawa, idan tambayar ta ba da dama. Ma'anar ibtila'i, kamar yadda ta zo a aya ta 155 ta Suratul Baƙara, inda aka ambaci jarrabawa da tsoro da yunwa da tauyewar dukiya da rayuka da amfanin gona, tana kusa da tunanin Hick, kuma kana iya kwatanta su. Ƙissar Annabi Musa da Halliru a Suratul Kahfi, inda aka huda jirgi don a tsirar da shi daga sarki mai ƙwace, ta dace da amsar da Stephen Wykstra ya ba Rowe a 1984: rashin ganin dalili ba hujja ba ce ta rashin dalili, idan mai dubawa saninsa taƙaitacce ne. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, an san shi da maganar cewa babu abin da zai yiwu da ya fi abin da ya kasance kyawun tsari, wadda ake yawan kwatantawa da ra'ayin Leibniz cewa wannan duniya ita ce mafi kyawun da za ta yiwu.

Sharaɗin shi ne ka auna wannan ma yadda ka auna sauran. Mai suka zai ce wa Wykstra: idan ba za mu iya sanin ko wahala tana da dalili ba, ta yaya za mu san lokacin da ya kamata mu hana ta? Kawo wannan suka, ka amsa ta gwargwadon iyawarka, misali da cewa umarnin taimakon wanda ke cikin wahala bai dogara ga sanin hikimar wahalar ba. Rubuta hujjar mai suka da kyau ba yarda da ita ba ne. Malaman tauhidi na da, Ash'ariyya da Mu'utazila, sun yi ta kawo hujjar abokin jayayya cikakkiya kafin su amsa, kuma a kan wannan batu na adalcin Allah da wahalar yara ƙanana suka yi wasu daga cikin muhawarorinsu mafi zafi.

Kammalawa da dubawa

Kammalawa ba wurin sabon suna ba ne, ba kuma wurin cewa “kowa da ra'ayinsa” ba. Koma ga rabon da ka yi tun farko ka ba da hukunci a kan kowane ɓangare. Ga misali: “Hujjar 'yancin zaɓi da ta samo asali daga Augustine, musamman a siffar da Plantinga ya ba ta, ta isa ta nuna cewa babu karo na manɗiƙi. Tiyodisin Hick ya fi bayanin bala'in da ba hannun mutum, amma a kan wahalar wanda bai rayu ya amfana ba sai ya jingina ga lahira. Saboda haka ina ganin matsalar Mackie ta samu amsa, ta Rowe kuwa amsarta ta dogara ga ko mutum ya yarda da iyakar saninsa da kuma rayuwa bayan mutuwa.” Kana iya saɓa wa wannan hukunci, muddin abin da ka rubuta a sama shi ya kai ka ga naka.

A minti ukun ƙarshe ka duba abu uku. Shin kowane sakin layi yana da “amma” ko “sai dai” a cikinsa? Wanda babu, bayani ne kawai, ba aunawa ba, ka ƙara masa jimlar suka ko a gefen layi. Shin misalin ambaliya ya bayyana a sashen Augustine da na Hick duka? Shin ka rubuta shekarar da ba ka tabbatar ba? Idan haka ne, soke ta ka sa ƙarni, domin “a ƙarni na 20” daidai ya fi shekarar da ba daidai ba.

Idan kuwa lokaci ya ƙure maka kana tsakiyar Hick, kada ka ci gaba da bayani. Tsallaka ka rubuta suka ɗaya a kansa, sannan kammalawa ta jimla biyu. Tambayar ta ce ka auna, kuma amsar da ba ta kai ga hukunci ba ta bar rabin tambayar a buɗe.